Rabin Minti a Gaban Aji: Sunan da Zai Bi Ka Shekara Huɗu

Malami ya shigo, ya ajiye takardunsa, ya dubi sababbin fuskoki, sai ya ce kowa ya tashi ya faɗi ko shi wane ne. Daga nan za ka ga ajin ya yi tsit. Wanda ɗazu yake cika baki a bakin ƙofa yanzu ya sunkuyar da kai yana ƙirga mutum nawa suka rage kafin a zo kansa.

Ba a kowane aji ake yin haka ba. A manyan ɗakunan lacca na jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, inda ɗaruruwan 'yan shekarar farko ke haɗuwa don darussan bai-ɗaya, ba malamin da zai ɓata lokacinsa a kan wannan. Inda aka fi yi shi ne ajin sashe, inda ɗalibai ba su cika yawa ba. Lissafin kuwa ba wuya. Idan ku sittin ne, laccar kuma ta awa ɗaya ce, malamin ya ci minti 20 yana bayanin darasinsa, abin da ya rage wa kowa bai wuce daƙiƙa 40 ba, har da tashi da zama. Jimla uku ke nan, ko huɗu idan gajeru ne. Galibi da Turanci za a yi, a Nijar kuma da Faransanci, amma abin da za a faɗa ɗaya ne.

Suna shi ne ya fi kama da abu mai sauƙi, kuma a nan Bahaushe ya fi tuntuɓe. Yawancinmu suna biyu gare mu: na takarda da na gida. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, alkunya ta sa tun yana goye ake ce masa Abba ko Baffa. Yarinyar da ta ci sunan kakarta ita ce Ummi ko Mami, wataƙila ba ta taɓa jin an kira ta da sunan yankanta ba sai a makaranta. Malami kuwa sunan da ke takardar JAMB da rajista shi ne a gabansa, da shi zai ba da maki. Don haka a fara da na takarda cikakke, sannan a ce "amma an fi kirana kaza". Wanda ya ba da na gida kaɗai, ranar da aka kira rajista 'yan ajinsa za su yi ta waige-waige suna neman baƙo.

Ga kuma yawan takwarori. A ajin mutum sittin a Kano ko Sakkwato, ba abin mamaki ba ne ka sami Muhammad biyar, A'isha huɗu, Abubakar uku. Magabata sun daɗe da samun maganin wannan, suka riƙa jingina suna da gari: Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dabarar ba ta tsufa ba. "A'isha daga Malumfashi" ta fi zama a kai fiye da A'isha mai sunan uba da na kaka a jere. Sai dai a miƙe tsaye tukuna kafin a buɗe baki. Da yawa suna fara faɗin suna tun suna rabin tashi, ƙarar benci ta cinye shi, ajin ya ji komai ban da abin da ya fi bukata. Idan malami ya ce a maimaita, to sunan bai kai kujerar baya ba.

Kwas ba ya bukatar dogon bayani. Idan duk sashenku ɗaya, faɗinsa ɓarnar daƙiƙa ce, kowa ya sani. Yana da amfani ne a ajin da ya haɗa sassa daban-daban, ko ga wanda ya shigo aji biyu kai tsaye da NCE ko difloma, domin 'yan ajin sun riga sun yi shekara tare, za su so su san daga ina ya ɓullo. Abu ɗaya kawai zan ja kunne a kai. Kada ka tsaya gaban malamin Bayoloji ka ce likitanci ka nema aka jefo ka nan. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila rabin ajin haka suke, amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa a wannan fanni ba zai manta fuskar da ta fara gaishe shi da raini ba.

Jimla ta uku ita ce mai haɗari, ita ce kuma mai riba. Duk abin da ka faɗa a nan yana iya zama laƙabinka har ranar yaye ɗalibai, domin ɗalibai ba sa jira a ba su izinin raɗa suna. Wanda ya faɗi makin da ya ci a JAMB zai iya wayar gari ana kiransa da lambar, kuma ranar da ya faɗi gwajin farko, da ita za a yi masa ba'a. Wanda ya ambaci muƙamin mahaifinsa ya zama "ɗan wane". Shi kuwa mai cewa yana son karatu da kallon ƙwallo bai yi laifi ba, amma bai faɗi komai ba, mutum goma sun riga shi.

Mu ɗauki misali. A ce saurayi ne daga Argungu, ya samu gurbin karatun tattalin arziki, sunan takardarsa Muhammad, a gida Baffa. Yana iya tashi ya ce sunansa Muhammad, yana farin cikin kasancewa a nan, yana fata za a zauna lafiya, burinsa ya taimaki ƙasa. Kafin ya zauna an manta da shi. Yana kuma iya cewa, bayan gajeriyar gaisuwa: "Sunana Muhammad, amma Baffa ake kirana, daga Argungu. Tattalin arziki nake karanta. Kafin in zo nan shekara uku ina taya kawuna sayar da busasshen kifi, don haka duk mai zuwa kasuwa ya tafi da ni, ba za a cuce shi ba." Wannan bai kai daƙiƙa 20 ba. An yi dariya, kuma dariyar ba a kansa take ba. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ya dace da garinsa, ya ɗan taɓa kwas ɗinsa, sannan ya bar ƙofa a buɗe ga mai son yi masa magana. Ko da an koma ce masa Baffa Mai Kifi, suna ne da zai iya amsawa a gaban surukai.

Gwajin da nake ba ƙannena ke nan: kafin ka faɗi abu, ka ji a ranka an ƙwala maka shi daga nesa a tsakiyar jama'a, ka ga ko za ka iya waiwayowa. Sana'ar hannu tana cin wannan gwaji, ɗinki ne ko gyaran waya ko kiwon kaji. Harshen da ka iya wanda ba kowa ya iya ba, kamar Kanuri ko Fulatanci ko Zabarmanci, shi ma haka. Siyasa da aƙida ba sa ci, ajin ya tara mutane iri-iri, ba ka kuma san wanda ke zaune kusa da kai ba tukuna. Ga 'yan mata musamman, lambar waya da ɗakin kwana ba abin shela ba ne a gaban mutum sittin da ba a sani ba, ko da wani ya tambaya cikin raha.

Masu kunya sukan ga kamar duk wannan yabon kai ne, tunda an tashe mu a kan cewa mutum ba ya yabon kansa. Amma faɗin cewa ka iya ɗinki ba yabo ba ne, labari ne. Yabo shi ne ka ce ka fi kowa iyawa.

Yadda za ka gane ko ta yi kyau ba tafi ba ne. Ka jira a tashi daga laccar. Idan wani ya tare ka a bakin ƙofa ya kira sunanka daidai, ya ce "ashe kai ɗan Argungu ne?", to ta yi. Kai da ke shirin shiga jami'a bana, ka zaɓi jimlolinka uku tun a gida, ka faɗe su da ƙarfi a gaban ƙanenka. Idan ya tuntsire da dariyar mugunta a kan ta ukun, ka sake wata.