Kambas Ba Ɗaya Ba Ne: Haɗarin Takalmin Gudu a Wasan Tanis da Sauran Wasannin Daɓe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin dalilin da ya sa takalmin da aka ƙera domin gudu yake jawo targaɗe idan aka shiga wasan tanis, ko ƙwallon kwando, ko ƙwallon raga da shi. An nuna cewa tsayin tafinsa da taushin sosonsa da rashin ƙarfin gefensa su ne ke ƙara ƙarfin da ke juya ƙafa. An kuma kawo hanyoyin rarrabe takalman a hannu, musamman a kasuwar gwanjo, da alamomin da ke bambanta targaɗe da karaya.

1.0 Gabatarwa

A bakin Bahaushe, duk takalmin wasa mai tafin roba da igiyar ɗauri sunansa kambas. Kalmar aro ce daga Ingilishi, inda take nufin yadi mai kauri irin wanda ake ɗinka tanti da shi. Takalman farko da aka yi da wannan yadi marasa tudu ne, kuma da yawansu domin wasannin daɓe aka yi su, kamar wanda kamfanin Converse ya fitar a 1917 domin ƙwallon kwando. Daga baya ma'anar kalmar ta faɗaɗa har ta haɗiye takalmin gudu na zamani, wanda ƙirarsa ta yi hannun riga da ta wancan.

Wannan faɗaɗar ma'ana tana da tasiri a aikace. A garuruwan bakin iyaka kamar Lolo, ta ƙaramar hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, wadda ke maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin, da ma manyan birane kamar Kano, matashi kan sayi takalmin wasansa daga gwanjo, kuma kaso mai yawa na gwanjon yankin nan ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano yake sauka. A tsibin mai gwanjo, na gudu da na tanis da na yawo duk a cakuɗe suke, mai saye kuwa girma da kyau da farashi yake dubawa. Da takalmin nan ɗaya zai yi gudun safe, da shi kuma zai shiga filin ƙwallon raga na makaranta da yamma.

2.0 Motsi Iri Biyu

Mai gudu gaba kawai yake fuskanta. Ƙafarsa tana sauka, ta mirgina daga diddige zuwa yatsu, ta tashi, haka sau dubbai ba tare da ta sauya alkibla ba. Buƙatarsa ita ce abin da zai rage masa dukan ƙasa, kuma ya kasance mara nauyi. Saboda haka ake cika tafin takalminsa da soso mai taushi, a ɗaga diddigen ya fi gaban tudu, sannan a rufe saman da yadi mai raga-raga domin iska ta shiga. Kaurin tafin ya ƙaru a shekarun baya-bayan nan, har a 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce milimita 40 a gasar gudun titi.

Ɗan wasan tanis kuwa filinsa ƙunci gare shi. Tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa mita 8.23 idan mutum biyu ke karawa, kuma rabin tsawon ne kawai nasa. Ba ya samun dogon gudu. Abin da yake yi shi ne taku uku ko huɗu zuwa gefe, ya ja birki da ƙafa ɗaya, ya doki ƙwallo, ya tunkuɗa jikinsa ya koma inda ya fito. Wanda ya kalli gasar tanis ta Dala da ake yi a Kano, ko wasan ƙwallon kwando na Kano Pillars, ya san ƙarar da takalma ke yi a kan daɓe. Wannan ƙara ita ce lokacin birkin, inda tafin takalmi ya cije a wuri ɗaya alhali jiki yana son ci gaba da tafiya gefe.

3.0 Yadda Ƙafa Ke Juyawa

Gaɓar idon sawu ta fi sauƙin karkata ta yadda tafin ƙafa zai kalli ciki, gefen ƙaramin yatsa ya danne ƙasa. Jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar ta waje guda uku ne, kuma ba su kai na ciki kauri ba. Ta gaba daga cikinsu ita ce mafi rauni, ita ce kuma ke fara yagewa. Wannan ne ya sa mafi yawan targaɗen idon sawu ta waje yake faruwa. Juyawar tana da sauri ƙwarai, sau da yawa takan kammala kafin tsokar gefen ƙwauri ta yunƙura ta tare ta.

A lokacin birki, ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a kan ƙafar. Na farko shi ne turin gefe da ƙasa ke yi wa tafin takalmi, wanda ke neman kifar da ƙafar. Tasirinsa ya dogara ga tazarar da ke tsakanin ƙasa da gaɓar: iya tsayin tazarar, iya ƙarfin juyi. Na biyu shi ne nauyin da ke danna ƙafar ƙasa, wanda ke hana ta kifewa, shi kuma tasirinsa ya dogara ga nisan gefen takalmin daga tsakiyar gaɓar. Abin ya yi kama da motar da aka lafta wa kaya har sama: a miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau take tafiya, a kwana ne tsayin kayan ke kayar da ita.

4.0 Misali a Lissafe

A ɗauki ɗan wasa mai nauyin kilo 70. Alƙaluman da ke tafe an zaɓe su ne domin sauƙaƙa bayani. A ce lokacin birki turin gefe ya kai niyutan 700, wato kwatankwacin nauyin jikinsa, dannin ƙasa kuma ya kai niyutan 1,400. A ce kuma gaɓarsa tana santimita 7 daga tafin ƙafarsa, gefen takalmin yana santimita 5 daga tsakiyar gaɓar. Ƙarfin da ke hana kifewa shi ne 1,400 × 0.05 = 70.

Idan ya sa takalmin tanis mai kaurin santimita 2, gaɓar ta koma santimita 9 daga ƙasa, ƙarfin juyi ya zama 700 × 0.09 = 63. Tun da 63 bai kai 70 ba, ƙafar ta tsaya daram. Idan kuwa takalmin gudu ne mai kaurin santimita 4, tazarar ta zama santimita 11, ƙarfin juyi ya zama 700 × 0.11 = 77. Yanzu ya haura 70, ƙafar ta fara karkata. Santimita biyu kacal sun ƙara ƙarfin juyi da fiye da kashi ɗaya cikin biyar.

Matsalar ba ta tsaya nan ba. Soso mai taushi yana lotsawa a gefen da aka danna, yadin raga-raga kuma yana miƙewa, sai ƙafar ta zame a cikin takalmin zuwa bakin tafin. Idan wannan ya rage santimita 5 ɗin nan zuwa 4, ƙarfin da ke hana kifewa ya sauko zuwa 56, alhali na juyi yana 77. Shi ya sa faɗin tafin da wasu takalman gudu ke da shi ba ya wadatarwa, domin faɗin da ke lotsewa ba madogara ba ne. Wannan lissafi ne kuma ke bayyana yadda yaro ke langa ba takalmi, yana tsalle da ƙafa ɗaya a kan rairayi: tafinsa a ƙasa yake, ƙasar kuma tana gocewa kafin gaɓar ta goce.

5.0 Rarrabewa a Hannun Mai Saye

Ba sai an karanta sunan kamfani ba, hannu ya isa. A riƙe takalmin gaba da baya a murɗa shi kamar ana matse wanki. Na daɓe yana turjewa, na gudu kuwa yakan murɗu cikin sauƙi. A danna gefen tafin da babban yatsa: idan ya nutse kamar burodi, na gudu ne. A matse bayan diddigen, wanda ya kamata ya yi tauri kamar ƙoƙo. A duba wajen ƙaramin yatsa, inda takalmin daɓe ke da ɗan leɓen roba da ya fito waje, da fata ko roba da ta ƙarfafa gefen. Ƙasansa kuma shimfiɗaɗɗe ne, yawanci mai zanen ƙayar kifi, wanda ke kama daɓe ta kowace fuska.

Gwanjo yana da ƙarin gwaji ɗaya. Masu gudu da yawa da gefen diddige na waje suke fara taka ƙasa, don haka nan ne tafin ke fara cinyewa. A ajiye takalmin a kan tebur a dube shi ta baya. Idan ya jingina zuwa waje, to ya riga ya karkata zuwa fuskar da targaɗe ke faruwa tun kafin a sa ƙafa a ciki.

6.0 Iyakar Abin da Takalmi Zai Iya

Takalmin da ya dace yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi. A ƙwallon raga da na kwando, targaɗe da yawa yana faruwa ne idan ɗan wasa ya dira a kan ƙafar wani. Ƙurar hunturu a kan siminti tana sa kowane irin tafi santsi, sai an share filin. Wanda ya taɓa targaɗe kuwa ya fi kowa kusa da wani, domin jijiyar da ta miƙe ba lallai ta koma yadda take ba, kuma gaɓar takan rage sanin inda take. Irin wannan yana buƙatar atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya da ɗaurin gaɓa, ba sabon takalmi kaɗai ba.

Idan abin ya faru, akwai alamomin da likitoci a Ottawa ta Kanada suka tsara a 1992 domin sanin wanda ke buƙatar hoton ƙashi. Daga ciki akwai kasa yin taku huɗu, da jin zafi idan an danna ƙarshe ko bayan ƙashin idon sawu, da zafi a tudun ƙashin da ke tsakiyar gefen ƙafa na waje. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, a yi masa hoto kafin a kai shi wurin maɗori, domin ja da murza ƙashin da ya tsage ƙara ɓarna yake yi.

7.0 Kammalawa

An ƙera takalmin gudu domin ya sassauta duka daga ƙasa, an ƙera na daɓe domin ya tare turi daga gefe, kuma abin da ya zama alheri a na farko shi ne aibi a fili na biyu. Tun da kalmar kambas ta haɗa su a suna ɗaya, ya dace malaman motsa jiki da masu fassara littattafan makaranta su riƙa cewa "kambas na gudu" da "kambas na daɓe". Ɗalibin da aka ce ya zo fili da kambas na daɓe, zai san abin da zai murɗa da abin da zai danna idan ya tsaya gaban mai gwanjo.