Gwajin Zubin Bincike da Kalmomi Masu Rikitarwa

1.0 Gabatarwa

Zubin bincike, wanda ake ganin sunansa a allon kwamfuta da `regex`, jerin alamomi ne da ake rubutawa domin a bayyana wa kwamfuta siffar kalmomin da ake son ta tsamo daga cikin matani. Tushensa na komawa ga aikin masanin lissafi Stephen Kleene a shekarar 1951. Kwamfuta ba ta san ma'ana ba, siffa kawai take dubawa. Saboda haka zubi kan yi kuskure iri biyu: ko ya kama abin da ba a nufa ba, ko ya saki abin da ake nema. Wannan darasi zai nuna yadda ake gano kurakuran ta hanyar gwaji.

2.0 Shirya Kalmomin Gwaji

A ɗauka malami yana son tsamo sunayen harsuna da karuruwan harshe masu ɗafa-ƙeyar -anci daga rubutun ɗalibai. Kafin ya rubuta zubi, sai ya tanadi jeri biyu. Jeri na farko ya ƙunshi kalmomin da dole a kama: Turanci, Kananci, Sakkwatanci, Haɗejanci da Turancin. Na biyu kuwa ya ƙunshi waɗanda dole a saki: hanci, Hanci, abinci da shugabanci. Ba da ka aka zaɓo su ba. Kowace tana gwada abu guda: wata na da harafi mai lanƙwasa, wata na ɗauke da mahaɗi, wata kuma kama kawai ta yi da abin da ake nema.

3.0 Matakan Gwaji

Zubi mafi sauƙi shi ne `anci` tsura. Wannan ya kama dukkan jeri na farko, kuma ya saki abinci domin ƙarshenta -inci ne. Sai dai ya haɗa da hanci da Hanci da shugabanci. Ke nan ya yi faɗi da yawa. Tun da sunayen harsuna da babban baƙi suke farawa, sai a ƙuntata shi kamar haka:

```
^[A-Z][a-z]+anci$
```

Alamar `^` na nufin farkon kalmar da ake gwadawa, `$` kuma ƙarshenta. Sashen `[A-Z]` na neman babban baƙi ɗaya, `[a-z]+` kuwa na neman ƙaramin baƙi ɗaya ko fiye. Yanzu an saki hanci da shugabanci saboda ƙaramin baƙin da suka fara da shi. An kuma saki Hanci, domin babu wani harafi tsakanin H da -anci.

Amma gyaran ya haifar da sabuwar matsala: Haɗejanci da Turancin sun kuɓuce. Dalilin na farko shi ne `[a-z]` haruffa 26 na Ingilishi kaɗai ya ƙunsa, ba ya ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda kowannensu ke da lambarsa daban a kwamfuta. Dalilin na biyu kuwa, mahaɗin -n ya shiga tsakanin -anci da ƙarshen kalma. Ga gyaran, tare da gwajinsa a harshen `Python`:

```
import re
zubi = r"[A-ZƁƊƘƳ][a-zɓɗƙƴ]+ancin?"
for k in ["Haɗejanci", "Turancin", "Hanci"]:
    print(k, bool(re.fullmatch(zubi, k)))
```

Alamar `?` na nuna cewa n na iya zuwa ko kada ya zo. Umurnin `fullmatch` yana tilasta zubi ya dace da kalma tun daga farko har ƙarshe, don haka ba a bukatar `^` da `$`. Sakamakon zai fito `True`, `True`, `False`. Bayan haka wajibi ne a sake gwada dukkan kalmomin tara, domin an riga an ga yadda gyara ɗaya ke ɓata wani wuri.

4.0 Iyakar Zubi

Ko da zubin ya ci wannan gwaji, akwai inda ƙarfinsa ya tsaya. Idan Shugabanci ta zo a farkon jimla da babban baƙi, zubin zai kama ta, domin a siffa ba ta da bambanci da Sakkwatanci. Haka nan zai saki Larabci, mai ɗafa-ƙeyar -ci. In aka faɗaɗa shi ya karɓi duk mai ƙarewa da -ci, sai Abinci da Zalunci su kutso a farkon jimla. A irin wannan hali, mafita ita ce a lissafa Larabci a matsayin togiya, sannan mai bincike ya tace sakamakon da idonsa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa jerin abin da za a saki yana da nauyi daidai da jerin abin da za a kama, kuma duk kalmar da ta taɓa rikita zubi ana adana ta cikin jerin domin gwaji na gaba.

6.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa zubi na biyu ya saki Haɗejanci?
2. Shin zubi na ƙarshe zai kama Turancinsa? A kawo dalili.
3. A kawo kalmomi uku da za su rikita zubin da ke neman jam'i mai ɗafa-ƙeyar -una.