Bin hannun jarin da ke tashe: inda dabarar ke karyewa

Akwai dabarar da ake yawan tallata wa masu zuba jari, wato bin hannun jarin da ke tashe. A ƙarshen kowane wata sai a jera kamfanoni bisa ribar da hannun jarinsu ya kawo a watanni 12 da suka wuce, a sayi kashi 10 cikin 100 na sama, a sayar da duk wanda ya sauko. Masana kan cire watan ƙarshe daga lissafin, domin abin da ya yi tsalle cikin wata guda yakan ɗan ja baya. Dabarar tana da tushe: a 1993 Jegadeesh da Titman sun binciki kasuwar Amurka daga 1965 zuwa 1989, suka ga na sama sun fi na ƙasa da wajen kashi 1 cikin 100 a wata. Amma kafin wannan riba ta shiga aljihu, akwai masu cin rabonsu.

Na farko kuɗin ciniki. A ce mutum yana riƙe da kamfanoni 10, yana sauya 3 kowane wata, kuma saye ko sayarwa na cin kashi 1 cikin 100 tsakanin ladan dillali da tazarar farashi. Ya sayar da kashi 30 na jarinsa, ya sayi wani kashi 30, sai kashi 0.6 ya tafi a wata, fiye da kashi 7 a shekara. A kasuwar da ciniki ba ya gudu, abin ya fi haka muni.

Babban haɗarin kuwa yana zuwa ne lokacin da kasuwa ta farfaɗo bayan faɗuwa. Daniel da Moskowitz sun nuna cewa daga Maris zuwa Mayun 2009 kamfanonin ƙasan jeri sun tashi da kashi 163, na sama kuwa da kashi 8 kacal. Wanda ya ari na ƙasa ya sayar da fatan su ƙara faɗuwa ya sha kashi, wanda ya riƙe na sama kawai kuma aka bar shi a baya.

Za a ce ai akwai iyaka, kamar kada kamfani ɗaya ya wuce kashi 10 na jari. Wannan yana kare mutum daga durƙushewar kamfani guda, amma waɗanda suka tashi tare sukan fito daga sashe ɗaya, bankuna ko kamfanonin mai, kuma tare suke faɗuwa. Iyakar da ta fi amfani ita ce wadda Barroso da Santa-Clara suka gwada a 2015, ta rage jari idan hawa da saukar farashi ya tsananta. Idan ma'aunin da aka yanke kashi 12 ne a shekara, sai hawa da saukar farashin ya kai 24, rabin kuɗin ake janyewa. Ko ita tana dogara ne da watanni shida da suka shuɗe, don haka juyin da ya zo ba zato yakan riga ta.