Abin da ke tsaga bango da titi a ƙasar fadama

A Kafanchan da sauran sassan kudancin Kaduna, inda damina ke farawa a Afrilu ta kai Oktoba, ginin da aka ɗora kan baƙar lakar fadama yakan tsage.

Sau da yawa wani nau'in yumɓu mai suna simektait ne sila. Ƙwayoyinsa falle-falle ne, ruwa na kutsawa tsakaninsu, sai ƙasa ta kumbura ta ɗaga harsashin gini ko kwalta. Da rani kuwa ta tsuke, gefen ginin ya zauna.

Alamar ita ce tsaga daga kusurwar taga, wadda ke buɗewa da rani, ta matse da damina.

Magina kan kwashe lakar su cike gurbin da marmara, su zurfafa harsashi, su kuma nisanta ruwan indararo daga gindin bango. Yaɓe kaɗai ba ya magani.