Tambayar da ba ta tunzura mai kira

Duk wanda ya buga 300, lambar kai koke da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta daidaita wa kamfanonin waya a 2023, wani abu ne ya dame shi, kuma kafin a ɗauka ya riga ya sha jira. Shi ya sa 'yar takardar da ake miƙa wa sabon ma'aikacin cibiyar amsa kira, ko da shafi ɗaya ce, ya kamata rabinta ya tafi kan yadda ake tambaya.

A ce dattijuwa ta kira, an gaisa, ta ce, "Ɗana, kuɗina sun tafi." Wannan koke na iya zama abu uku: ta sa kati bai shiga ba, ko datarta ta ƙare waya ta koma cin kuɗin kira, ko kuma ana cire mata kuɗin wani tsari da ke sabunta kansa, kamar waƙar da mai kiranta ke ji. Sabon ma'aikaci yakan jero tambayoyi huɗu a numfashi ɗaya, ita kuwa ta amsa ta ƙarshe kawai.

Abin da takardar za ta koya masa shi ne tambaya ɗaya mai zaɓi biyu: "Hajiya, kuɗin sun shiga sannan suka ragu, ko tun farko ba su shiga ba?" Ta ce sun shiga, naira 1,000, jiya da la'asar. Kati ya fita daga zargi ke nan. Sai ya maimaita mata adadin da lokacin, ya rubuta, don kada ya sake tambaya. Tambaya ta biyu kuma ta zo da dalilinta: "Don in gano inda suka bi, kina shiga intanet da wayar?" Ta ce ƙaramar waya ce, kira kawai take yi. Saura abu ɗaya, kuma wannan a kwamfutarsa zai duba. Abin da ke gabansa a rubuce bai kamata ya nema daga bakinta ba.

Faɗin dalilin nan, a ganina, ya fi komai a takardar. Mutum yakan jure tambaya in ya san inda za ta kai shi, amma "Kin tabbata?" da "Me ya sa kika danna?" tuhuma ce, ko da murya mai taushi aka faɗe su.

Alamar an soma gundurar mai kira ba ta ɓuya: amsa ta gajarce, murya ta ɗaga, ko a ji "Ai na faɗa maka." Daga nan a dakatar da tambaya. Ma'aikacin ya ba da haƙuri, ya taƙaita abin da ya fahimta, ya faɗi abin da zai yi yanzu da kimanin lokacin da zai ɗauka. In zai miƙa ta ga wani sashe, ya tura bayanin tare da kiran, don kada Hajiya ta sake ɗauko labarin daga farko.