Kano da Taraba Launi Guda? Yadda Ake Raba Rukuni a Taswirar Alƙaluma

Ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, ta ba Legas miliyan 9.1. An sha cece-ku-ce kan wannan sakamako, gwamnatin Legas ma ta ƙi amincewa da shi, amma ga mai zana taswira akwai wata matsalar daban. Idan ya shafa wa jihohi launi bisa tsurar yawan mutane, Kano da Legas za su fito kamar tagwaye, alhali faɗin Kano ya zarce murabba'in kilomita 20,000, na Legas kuwa bai kai 4,000 ba. Shi ya sa irin wannan taswira, wadda masana ke kira choropleth, ba ta karɓar tsurar ƙidaya. Sai an raba adadin da wani abu tukuna: mutum nawa a kowane murabba'in kilomita, yaro nawa cikin ɗari aka yi wa rigakafi, mace nawa cikin dubu ɗari ta rasu wajen haihuwa.

Da an yi wannan rabon, sai jihohin su baje. Legas na da mutum sama da 2,500 a murabba'in kilomita, Anambra kimanin 860, Kano kimanin 470, Katsina 240, Kaduna 130, Taraba kuma 40 da 'yan kai. Jihohi 36 da Abuja, wurare 37 ke nan, kuma ido ba ya iya tantance launi 37. Dole a kasa su rukuni-rukuni, yawanci biyar zuwa bakwai. Inda aka ja layi tsakanin rukuni da rukuni, nan ne taswira ke faɗin gaskiya ko ta yi ƙarya ba tare da an taɓa lamba ko ɗaya ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yanka tazarar daidai-wa-daida. Manhajar QGIS, wadda kyauta ce kuma ɗalibai da ma'aikata da yawa ke aiki da ita, tana kiran wannan Equal Interval. Daga 40 zuwa wajen 2,600, idan aka raba biyar, kowane rukuni zai ɗauki kimanin 510. Rukunin farko, wato 40 zuwa 550, zai haɗiye jihohi fiye da talatin. Anambra da Imo su faɗa na biyu, na uku da na huɗu su tashi babu kowa, Legas ta zauna ita kaɗai a na biyar. Ƙasar duka ta fito fari fat, sai ɗan ɗigo mai duhu a bakin teku. Kano da Taraba sun sami launi guda, ga shi cunkoson Kano ya ninka na Taraba fiye da sau goma. Lissafin daidai yake, amma wanda ya kalli taswirar zai tafi da tunanin cewa Arewa duk fili ce.

Sai a gwada hanya ta biyu, Equal Count, wadda ke zuba jihohi bakwai ko takwas a kowane rukuni. Nan take taswira ta yi kyau, kowane launi ya sami aiki, kuma mai karatu na iya nuna jihohin da ke sahun gaba da na baya. Wani bincike da Cynthia Brewer da Linda Pickle suka wallafa a 2002, kan taswirorin mace-mace a Amurka, ya nuna cewa mutane sun fi karanta irin wannan rabo daidai. Amma a cunkoson Nijeriya yana da tasa illar: Kano ta hau rukunin sama ta sa riga iri ɗaya da Legas, wadda ta ninka ta fiye da sau biyar. Ɗazu an ɓoye bambancin da ke ƙasa, yanzu an ɓoye na sama.

Akwai kuma Natural Breaks, dabarar George Jenks na Jami'ar Kansas, wadda ke neman giɓin da ke cikin lambobin ta ja layi a wurin. Za ta ware Legas, ta kasa sauran yadda suka taru. Matsalarta ita ce iyakokin suna fitowa da lambobi masu wuyar riƙewa, kuma suna sauyawa da zarar an sauya shekara, don haka ba a iya jera taswira biyu a kwatanta.

Gwanaye ba sa barin manhaja ta yanke musu hukunci. Sukan fara jera lambobin daga ƙarami zuwa babba su duba yadda suka kwanta. Na cunkoso suna tafiya ne da ninki, saboda haka iyakokin ma su bi ninki: ƙasa da 100, 100 zuwa 200, 200 zuwa 400, 400 zuwa 1,000, sai sama da 1,000. Da wannan, Taraba da Yobe da Borno da Neja suna rukunin farko, Kaduna da Jigawa na biyu, Katsina na uku, Kano da Anambra da Imo na huɗu, Legas na biyar. Babu rukunin da ya tashi fanko, kuma lambobin masu shiga kai ne. Idan za a zana ta wata shekarar, waɗannan iyakoki dai za a riƙe, in ba haka ba jiha na iya sauya launi alhali abin da ya sauya ma'auni ne kawai.

Launi kuma ƙa'idarsa gajeriya ce: abin da ke hawa daga kaɗan zuwa da yawa, launinsa ya hau daga haske zuwa duhu, kamar daga shuɗi mai haske ƙwarai zuwa shuɗin baba. Tun 1826 Charles Dupin ya yi amfani da haske da duhu a taswirarsa ta karatun yara a lardunan Faransa, sai dai shi ya baƙanta inda karatu ya yi ƙaranci, don ya nuna duhun jahilci. A yau mai karatu ya saba ɗaukar duhu a matsayin yawa, kuma duk wanda ya juya wannan dole ya bayyana a fili. Launukan bakan gizo suna jan ido, amma babu wanda ya san ko kore ya fi rawaya yawa sai ya yi ta komawa akwatin bayani.

Launi biyu masu fuskantar juna, shuɗi a gefe, ruwan lemo a gefe, fari-fari a tsakiya, suna da amfani ne kawai idan tsakiyar na da ma'ana. Matsakaicin cunkoson Nijeriya a 2006 ya kai kimanin 150, don haka za a iya nuna jihohin da ke sama da shi da waɗanda ke ƙasa. Haɗa ja da kore kuwa kuskure ne, domin akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya bambance su. Kundin launuka na ColorBrewer, aikin Brewer da Mark Harrower, yana ware haɗin da irin waɗannan masu karatu za su iya gani, da wanda zai jure na'urar hoton takarda.

Gwajin nan na biyu ya fi shafar ofisoshinmu, inda rahoto ke yawo a kwafin baƙi da fari. A buga taswirar haka a gani: idan rukuni biyu sun narke sun zama toka ɗaya, a rage yawan rukunin ko a ƙara tazarar duhun. Wurin da ba a samu alƙaluma ba, kamar ƙananan hukumomin da rashin tsaro ya hana masu bincike shiga, a ja masa layuka ko a ba shi ruwan toka na daban da bayaninsa a gefe, kada a bar shi fari ya yi kama da rukunin mafi ƙaranci.