Idan mabuɗin sirri ya shiga git

A watan Nuwamban 2017 kamfanin Uber ya amsa cewa tun shekarar 2016 an sace bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Ɓarayin sun shiga wata ma'ajiyar lambobin manhaja ta kamfanin a GitHub, suka tarar da mabuɗin shiga rumbun bayanansa na AWS a rubuce cikin fayil. Ma'ajiyar ma ba a buɗe take ga kowa ba.

Mabuɗin da ake magana jerin haruffa ne da manhaja ke nunawa don a yarda da ita. Mai shagon intanet da ke karɓar kuɗi ta Paystack, alal misali, yana da mabuɗi mai farawa da `sk_live_`. Duk wanda ya riƙe shi zai iya aiki da sunan mai shagon. Shi kuwa git, aikinsa ke nan ya riƙe tarihin kowane canji da aka yi wa manhaja, kuma ba ya mantuwa.

A ce wani matashi ya zuba mabuɗinsa a fayil mai suna `.env`, ya buga `git add .` cikin sauri, ya tura komai GitHub. Da ya farga sai ya goge fayil ɗin, ya sake turawa, hankalinsa ya kwanta. Bai kamata ya kwanta ba. Gogewar ta zama sabon shafi ne kawai a tarihi, tsohon shafin yana nan da mabuɗin a ciki. Wannan umarnin zai nuna masa:

```
git log --all -p -- .env
```

Kuma akwai manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai lalube cikin buɗaɗɗun ma'ajiyoyi suna neman irin waɗannan haruffa. Cikin 'yan mintoci suna iya tsinta.

Saboda haka abin da zai fara yi ba a cikin git yake ba. Wanda makullin shagonsa ya faɗi a kasuwa, kwaɗo yake canzawa tun kafin ya tsaya cigiya. Matashin nan ya shiga shafin kamfanin da ya ba shi mabuɗin, ya ƙirƙiri sabo, ya sa shi a sabar da manhajarsa ke aiki, ya kashe tsohon. Daga nan ya bi bayanan abin da aka yi da tsohon tun lokacin da ya fita: an taɓa kuɗi? An kunna wasu kwamfutoci a asusunsa? A ganina, wanda ya yi wannan kaɗai ya fi wanda ya kwana yana share tarihi alhali mabuɗin na nan da ransa.

Sharar tarihi na zuwa daga baya. Kayan aikin da GitHub ke ba da shawara shi ne `git filter-repo`, kuma ana son a yi aikin a kan sabon kwafin ma'ajiyar:

```
git filter-repo --invert-paths --path .env
git push --force --mirror origin
```

Umarnin farko yana sake rubuta tarihi tamkar fayil ɗin bai taɓa shiga ba. Yakan cire adireshin `origin` don kada a tura bisa kuskure, idan haka ta faru sai a mayar da shi kafin umarni na biyu. Wahalar ita ce, lambar shaidar kowane canji tun daga wurin kuskuren ta sauya. Abokin aikin da ke riƙe da tsohon kwafi, in ya haɗa nasa ya tura, ya dawo da mabuɗin ke nan. Dole kowa ya sauke sabon kwafi. Kwafin da baƙi suka riga suka ɗauka kuwa, babu umarnin da zai kai gare shi. Hatta a GitHub ɗin, tsohon shafin na iya buɗuwa ga mai adireshinsa har sai an roƙi ma'aikatansu su cire.

Rigakafin bai kai rabin wannan wahala ba. Tun kafin adanawar farko a rubuta `.env` cikin fayil ɗin `.gitignore`, a ajiye wani mai suna `.env.example` da ke ɗauke da sunayen mabuɗai ba tare da ainihinsu ba. Sai dai `.gitignore` ba ya aiki a kan fayil ɗin da git ya riga ya fara bi. Wannan sai an buga `git rm --cached .env`. Tun 2024 GitHub ke tare turawa zuwa buɗaɗɗun ma'ajiyoyi idan ya hango mabuɗi mai siffar da ya sani, amma kalmar sirrin da ka ƙirƙira da kanka tana iya wuce shi. Kafin ka buga `git commit`, buga `git diff --staged` ka karanta abin da za ka adana.